Direba ya samu shanyewar ɓarin jiki yana da shekara 44: ya ajiye aiki ko ya jira kwamitin likitoci?

Maman Sadiya, Mabera: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Maigidana direba ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a nan Sakkwato, an ɗauke shi aiki a 2009, yanzu shekarunsa 44. Wata biyar ke nan da hawan jini ya kada shi, ɓarin hagu ya shanye. Alhamdu lillahi yana takawa da sanda, magana ta dawo, amma hannun hagu ko kofin shayi ba ya riƙewa. Albashi yana shigowa har yanzu. Shekaranjiya wani na gaba da shi a ofis ya zo dubiya, ya ce gara ya rubuta takardar ajiye aiki da kansa kafin a ce ya ƙaurace wa aiki, wai in ya yi haka sai ya je kamfanin fansho a ba shi kuɗinsa. Har ya ce zai kawo takardar a rubuce, shi sa hannu kawai zai yi. Ni hankalina bai kwanta ba. Ina jin ana cewa akwai fanshon marasa lafiya. Don Allah wanda ya sani ya yi mana bayani.

Na Gidan Igwai: Wa alaikumus salam. Allah shi ba shi lahiya, shi sa kaffara ta. Inna, ku tai ohishin NSITF, hukumar biyan diyyar ma'aikata, su ad da alhakin wanga. Duk ma'aikacin da ya naƙasa kashi 90 na albashinai suka biya nai kowane wata. Wani maƙwabcinmu da injin yac cinye ma hannu haka anka yi mai.

Tsohon Akawu: Maman Sadiya, kafin komai, kada ya sa hannu a wannan takarda. Ko wa ya kawo ta, ko da kyakkyawar niyya ce. Na yi shekaru ina riƙe da fayilolin ma'aikata, kuma na ga yadda layi ɗaya a takardar barin aiki yake raba mutum da haƙƙinsa na shekaru.

Tunda an ɗauke shi a 2009, yana cikin tsarin fansho na karo-karo, wanda Dokar Gyaran Fansho ta 2014 take tafiyarwa. Ƙa'idar tsarin ita ce ba a taɓa asusun mutum sai ya kai shekara 50 kuma ya yi ritaya. Amma sashe na 16 na dokar ya cire wanda aka yi wa ritaya bisa shawarar ƙwararren likita ko kwamitin likitoci da suka tabbatar cewa jikinsa ko hankalinsa ba zai iya ɗaukar aikin ofishinsa ba. Irin wannan ana buɗe masa asusun nan take, ko shekarunsa nawa, a ba shi wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa biyansa wata-wata kamar kowane ɗan fansho.

In kuwa ya rubuta cewa shi ne ya ajiye aiki don raɗin kansa, a idon doka ya zama lafiyayyen da ya bar aiki. Sai ya jira wata huɗu bai samu wani aikin ba, sannan a ba shi abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na asusun ba, sau ɗaya. Sauran kashi 75 a kulle suke har ya kai 50. Shekara shida ke nan babu albashi, babu fansho, ga magani ga yara.

Maman Sadiya, Mabera: Innalillahi. Baba Akawu, Allah ya saka da alheri. To shi wancan na kashi 90 ɗin fa?

Tsohon Akawu: Ɗan'uwana na Gidan Igwai bai yi ƙarya ba, sai dai wata doka ce daban, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010. Tana biyan kashi 90 ga wanda ya naƙasa gaba ɗaya, amma sai idan aikin ne ya jawo raunin ko cutar. Maƙwabcinka injin wurin aiki ne ya ci hannunsa, maganarsa a fili take. Da mijinki hatsari ya yi da motar ofis a hanyar Gusau yana kan aiki, da can za mu tura ku. Hawan jinin da ya kada mutum a gida ba ya shiga wannan lissafi kai tsaye.

Na Gidan Igwai: To ai tuƙin na yas sa mai hawan jinin. Mutum kullum bisa hanya, ba kwana ba hutu. Ni dai ina ganin su gwada.

Likita, Runjin Sambo: Gwadawa ba laifi ba ne, amma kada a ɗora rai a kai. Sai likita ya rubuta cewa aikin ne musabbabin ciwon, kuma da wuya a samu wanda zai iya rantsewa a kan haka, domin hawan jini yana da tushe da yawa: gado, gishiri, ƙiba, ciwon suga, barin shan magani. In da a bakin aiki ya faɗi, yana riƙe da sitiyari, da akwai abin tattaunawa. Kuma ita wannan dokar tana da wa'adi, ana son a shigar da buƙata cikin shekara ɗaya.

Bari in yi magana a kan ɓangaren da na sani, wato zaman kwamitin, don na ga mutane da yawa suna zuwa da fahimtar da ba ita ba. Iyalin mara lafiya ba su ne ke kiran kwamiti ba. Ma'aikatarsa ce take rubuta wa shugaban asibitin gwamnati, a nan garin galibi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙwararru na jiha, ta ce ga ma'aikacinmu, ga aikin da yake yi, a duba mana ko zai iya ci gaba. Asibiti sai ya haɗa likitoci kaɗan, cikinsu da masanin irin ciwon. Rahoton kuma ma'aikatar ake mayar wa, ba hannunku ake ba shi ba.

Tambayar da ke gaban kwamiti ba ita ce ko mutumin nan yana shan wahala ba. Wannan kowa ya gani. Abin da ake tambayar mu shi ne, aikin da aka ɗauke shi ya yi, zai iya yinsa, kuma in ba zai iya yau ba, akwai tsammanin zai iya nan gaba? Shi ya sa mutum biyu masu ciwo iri ɗaya suke fita da hukunci daban. Akawun da hannun hagunsa ya yi rauni zai iya komawa teburinsa. Direban da hannun hagunsa ya yi rauni, maganar ta canza.

A irin ciwon mijinki ga abin da za a yi masa a ɗakin. Za a sa ya ɗaga hannu da ƙafa, likita ya danna ya ce ya ture, a ba kowace gaɓa maki daga 0 zuwa 5. Sifili shi ne babu motsi sam, 3 yana iya ɗagawa amma da an danna sai ta faɗi, 5 cikakken ƙarfi. Za a ce ya matse yatsun likita, ya ɓalle maɓallin riga, ya taka zuwa ƙofa ya juyo. Sai a rufe masa ido ɗaya, a riƙa kawo yatsa daga gefe a ce ya faɗi lokacin da ya gan shi. Wannan gwajin yana da nauyi ƙwarai ga direba, domin wanda ɓarinsa na hagu ya shanye sau da yawa ba ya ganin abin da ke zuwa ta hagu, ko kuma idon lafiya lau amma ƙwaƙwalwa ba ta kula da wannan gefen, kuma shi kansa bai san haka ba. Za a tambayi ko ya taɓa yin farfaɗiya bayan faɗuwar, a gwada tunaninsa da ɗan lissafi da tuna abubuwa, a duba hawan jini, suga da ƙoda.

Maman Sadiya, Mabera: Likita, wallahi ka taɓo wani abu. In na ajiye masa tuwo, na gefen dama yake ci ya bar na hagu, sai na juya masa kwanon. Kuma yakan bugi ƙyauren ɗaki da kafaɗar hagu. Mun ɗauka rashin ƙarfi ne kawai.

Likita, Runjin Sambo: Wannan ki faɗa wa likitan da ke ganinsa a zuwa na gaba, ki roƙa a rubuta shi a kati. Ranar kwamiti ma ki faɗa da bakinki kamar yadda kika faɗa mana nan, da kwanon da ƙyauren. Abin da ake gani a gida kullum ba lallai ya fito cikin rabin sa'a a ɗakin likita ba.

Kuma ki tattara takardu tun yanzu: takardar sallama daga asibiti, hoton ƙwaƙwalwa da rahotonsa, katin gashin ƙashi mai nuna ranakun da ya je, da takardun magani. Abin da ya fi wahalar da mu shi ne mutum ya zo da watanni a tsakiya babu rubutun komai, a ce an kai shi ƙauye ana yi masa na gargajiya. Ba ina aibata kowa ba ne, amma kwamiti da rubutu yake aiki. In bai ga shaidar an yi gashi yadda ya kamata ba, ba zai ce ciwon ya zauna ba, sai ya ce a je a yi wata uku a dawo.

Wannan ya kawo ni kan lokaci. Yawancin sauƙin da mai shanyewar ɓarin jiki ke samu yana zuwa ne a wata uku zuwa shida na farko, bayan nan sai a hankali. Mijinki yana wata na biyar, don haka kada ki yi mamaki in an ɗage hukunci. Abu huɗu ne kwamiti kan faɗa: ya koma aiki, ko a ƙara masa hutu a sake dubawa, ko a sauya masa aiki mara nauyi, ko kuma ba zai iya aiki ba har abada. Na ƙarshen nan ne kaɗai yake kai wa ga ritayar rashin lafiya.

Baba Mai Ritaya, Ƙofar Marke: Salamu alaikum ɗiyana. Ni abin da nis sani, in mutum ya yi shekara goma yana aikin gwamnati to ya ci fansho, kashi 30 na albashinai, kowace shekara a ƙara mai kashi biyu, ga garatuti. Wanga yaro ya yi shekara 16, ke nan kashi 42 za ya samu har mutuwa tai. Haka munka gani ga waɗanda anka sallama don ciwo zamaninmu.

Tsohon Akawu: Ranka ya daɗe Baba, lissafinka daidai ne a tsohon tsari, kuma da a cikinsa yake da ya fi samun sauƙi. Amma a gwamnatin tarayya an rufe wannan ƙofa ga sabbin ɗauka tun 2004. Masu aikin jiha da ƙananan hukumomi kuma dokar jiharsu ce ke riƙe da su, wanda ke can ya tambayi ofishin fanshon jiha, kada ya ɗauki maganata ya ɗora a kansa.

Maman Sadiya, a nan ne nake so ki daure ki saurare ni, don gara ki ji yanzu. A sabon tsari babu wata tukunya daban da gwamnati ta ajiye mai suna fanshon marasa lafiya. Asusun mijinki ne, wanda ake zuba masa kashi 8 daga albashinsa da kashi 10 daga ma'aikata kowane wata, shi za a ba shi damar fasawa kafin lokaci. Abin da ke ciki shi ne abin da za a raba. Rahoton likita ba ya ƙara ko kwabo a kai. Kin san nawa ne a ciki?

Maman Sadiya, Mabera: Saƙon da ya shigo wayarsa watan jiya ya nuna miliyan 4 da dubu 800 da 'yan kai.

Tsohon Akawu: To mu ɗauki miliyan 4 da dubu 800. Wannan lissafin kaina ne don ki ga girman abin, kamfanin fansho yana da nasa ma'aunin da ke duba shekaru, jinsi da albashin ƙarshe. Masu ƙaramin asusu irin wannan galibi kashi ɗaya cikin huɗu ake ba su a dunƙule, wato miliyan 1 da dubu 200. Saura miliyan 3 da dubu 600. In muka ƙaddara kuɗin suna kawo ribar kashi 8 a shekara, aka shimfiɗa su a kan shekara 30, zai riƙa samun wajen dubu 26 a wata. In shekara 20 ce, wajen dubu 30. Kin ga ƙuruciyarsa a nan ba ta taimake shi ba, domin duk yadda shekarun da ake sa ran zai rayu suka yi yawa, haka rabon wata yake ƙanƙancewa.

Hanyar biyan wata-watan iri biyu ce. Ko kuɗin su zauna a kamfanin fansho a riƙa ciro masa, in ya rasu abin da ya rage na magada ne. Ko a miƙa su ga kamfanin inshora ya ɗauki alkawarin biyansa har ƙarshen rayuwarsa, da lamunin shekara goma, wato in ya rasu kafin goman a biya magada ragowar, in ya wuce goman babu abin gado. Ni dai ga mai ciwo irin wannan da ƙananan yara na fi karkata ga ta farko. Kuma wanda ya shiga ta inshora ba ya dawowa.

Ɗan Ƙungiya: Akawu ka manta da wani abu. Hukumar PenCom mai kula da harkar fansho ta ce wanda fanshonsa na wata ba zai kai kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi ba, yana iya kwashe kuɗinsa gaba ɗaya. Da albashin dubu 70 abin ya kama dubu 23 da ɗari uku da 'yan kai. Su nemi a ba su duka su ja jari, dubu 26 me za ta yi wa mai iyali a garin nan? 

Tsohon Akawu: Ban manta ba, amma bisa lissafina ya ɗan haura wannan layi, don haka ba na jin zai shiga. Kamfanin ne zai buga ya nuna musu a takarda, su nemi a ba su kwafi kafin su sa hannu a komai. Kuma ko da an ba da dama, ni ba zan gaggauta cewa a kwashe ba. Na ga gidajen da kuɗin dunƙule suka ƙare cikin shekara ɗaya tsakanin asibiti da 'yan'uwa masu zuwa aro.

Ɗan Ƙungiya: Ni kuma na ga waɗanda suka sayi keke napep biyu suka ba da haya, suna ci har yau. A wannan ba za mu daidaita ba.

Mai Shago, Gawon Nama: Ni tambayata, ba akwai inshorar da ake yi wa ma'aikata ba, mai ninki uku na albashin shekara? Na ji an ba matar wani abokina. Me zai hana su nemi wannan?

Ɗan Ƙungiya: Wannan ta rasuwa ce malam, magada ake ba wa in ma'aikaci ya rasu yana cikin aiki. Allah ya ba shi tsawon rai.

Likita, Runjin Sambo: Ganin wannan lissafi na Baba Akawu, ina so in ƙara wata magana. Mutane kan zo kwamiti da burin a rubuta musu sun gama aiki, har wani ya ƙi ɗaga hannun da muka gan shi yana ɗagawa a bakin ƙofa. Wasu kuma akasin haka, tsoron rasa albashi ya sa su ɓoye ciwo, direba ya rantse yana gani sarai. Duka biyun cutar kai ne, na biyun ma har da cutar jama'a. Mijinki ya nuna abin da yake iyawa da wanda ba ya iyawa, iyakarsa ke nan. Bisa abin da kika faɗa, komawa tuƙi ba na jin akwai likitan da zai sa hannu a kai. Amma mutumin da yake takawa, yake magana, hannun damansa lafiya, ana iya cewa a ba shi aikin zaune, kamar rajistar shiga da fitar motoci. In aka samu haka, albashi yana ci gaba, kashi 18 na ci gaba da shiga asusu, kuma ta fuskar lafiya ma fita aiki ta fi zaman ɗaki.

Ɗan Ƙungiya: Likita, a takarda haka ne. A aikace kwamiti shawara yake bayarwa, ma'aikata ce mai gurbin. Direban da ba shi da takardar da ta wuce ta sakandare, sauya masa layin aiki ba ƙaramin abu ba ne, sai an samu shugaba mai tausayi. Amma ku shigo da ƙungiyarsu tun yanzu, kada a bari sai rahoto ya fito. Wakilin ƙungiya ya raka ki wurin shugaban sashen mulki.

Na Arkilla: Ku gafarce ni in sako tawa. Ni mai gadi ne a wani kamfani mai zaman kansa, ciwon ƙoda ya kama ni, ana yi mini wanki. Hutun ciwo kwana 12 kawai suka biya ni, suka ce abin da dokar ƙwadago ta ce ke nan. Daga baya suka ba ni takardar sallama, babu maganar ciwo a ciki, wai an rage ma'aikata. Da na je kamfanin fansho aka ce kashi 25 kawai zan samu. Sannan aka gano wata 14 ana cire mini kuɗi ba a zubawa. Shekaruna 41. Akwai gyara?

Tsohon Akawu: Sannu ɗan'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Akwai abin gwadawa. Dokar ba ta ce lallai sai kwamiti ba, ta ce ƙwararren likita ko kwamiti. Ka samu rahoto daga babban likitan ƙoda da ke ganinka a asibitin gwamnati, ya rubuta ƙarara cewa ba za ka iya aikin gadi ba kuma ciwon mai ɗorewa ne. Ka kai wa kamfanin da takarda a rubuce kana neman su sauya takardar sallamar ta koma ritaya bisa dalilin rashin lafiya. Ba ya cin su ko sisi, amma wasu kan ƙi saboda sun san sabuwar takarda za ta tono bashin da ke kansu. Na wata 14 ɗin kuma doka tana bayanka: kuɗin da aka cire wajibi ne a zuba cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, wanda ya ƙi akwai tara a kansa. Ka karɓi cikakken bayanin asusunka, ka haɗa da takardun albashi, ka rubuta ƙorafi ga PenCom.

Na Arkilla: Na gode. Sai dai takardun albashi ba su taɓa ba mu ba, saƙon banki kawai.

Tsohon Akawu: Ka ciro bayanin asusun bankin, shi ma shaida ne.

Antin Yara: Ni ma yayana malamin makaranta ne, ciwonsa na ƙwaƙwalwa ne, yana ganin likita a asibitin Kware. Wani lokaci lafiya lau, wani lokaci ya rikice. Mu abin da ke hana mu neman kwamiti shi ne tsoron in an rubuta masa haka shi ke nan an rufe masa ƙofar aiki har abada.

Likita, Runjin Sambo: Dokar ta ambaci hankali kamar yadda ta ambaci jiki, don haka yana da haƙƙi iri ɗaya. Amma ciwon da ke tashi yana kwantawa ba a saurin yanke masa hukuncin har abada. Za a duba sau nawa aka kwantar da shi, ko yana shan magani a kan ƙa'ida, da yadda yake tsakanin tashi da tashi. Da yawa in magani ya zauna suna koyarwarsu lafiya.

Tsohon Akawu: Kuma ƙofar ba a rufe take ruf ba. Wannan sashe na 16 ya ba wanda aka yi wa ritayar rashin lafiya damar neman a sake duba shi sau ɗaya a kowace shekara biyu. In likitoci suka ce ya warke, ya samu wani aiki, yana komawa cikin tsarin. Sai dai a lura, ba a ce tsohuwar kujerarsa tana jiransa ba.

Maman Sadiya, Mabera: Na fahimta sosai, Allah ya biya ku. To gobe in na tashi, da me zan fara? Kuma ina tsoron maganar da mutumin ya yi ta ƙaurace wa aiki.

Tsohon Akawu: Tsoronki yana da tushe, shi ya sa ba zama za ku yi ba. A dokokin aikin gwamnatin tarayya, wanda ba a kwance yake a asibiti ba hutun ciwonsa kwana 42 ne cikin wata 12. In ya wuce haka, abin da ƙa'ida ta ce shi ne a gabatar da shi gaban kwamitin likitoci, kuma kwanakin da suka haura ana iya ƙin biyansu. Wato tun tuni ya kamata ofis ya tura shi, ba takardar ajiye aiki ya kamata a kawo masa ba. Don haka ku riga su. Ku rubuta takarda da sunansa zuwa ga shugaban ma'aikatar ta hannun shugaban sashensa, ku ce ga ciwon da ya same shi ranar kaza, ga rahoton likita, yana roƙon a tura shi kwamitin likitoci. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ku riƙe. Mai wannan kwafi ba a ce masa ya gudu daga aiki.

Kafin rahoto ya fito, ku leƙa kamfanin fanshonsa. Tunda an buɗe asusun kafin Yulin 2019, sai an sabunta bayanansa da lambar NIN in bai yi ba. Ku duba sunansa da ranar haihuwarsa su zo ɗaya a takardar ɗaukar aiki, katin ɗan ƙasa, banki da asusun fansho. Bambancin Muhammadu da Muhammad kaɗai yana iya riƙe fayil watanni. In ritayar ta tabbata za su nemi takardar ritaya, rahoton likitoci, takardun albashin wata uku na ƙarshe, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da hotuna. Ita takardar ritayar ki karanta ta da idonki kafin ki bar ofis, ki tabbata an rubuta cewa bisa dalilin rashin lafiya ne.

Baba Mai Ritaya, Ƙofar Marke: Kuma ɗiyata, in albashi ya ci gaba da shigowa bayan ranar da anka rubuta ya bar aiki, kada ku taɓa shi. Suna biɗar abinsu daga baya.

Maman Sadiya, Mabera: To Baba. Wani abu kuma, maganinsa da gashin da ake yi masa duk da katin inshorar lafiya na ofis muke yi, kashi goma kawai muke biya na magani. In an yi masa ritaya katin zai ci gaba?

Ɗan Ƙungiya: Waɗanda na sani da suka yi ritaya katinsu ya tsaya da albashi ya tsaya, sai dai mutum ya sake yin rajista da kuɗinsa. Ki je ofishin hukumar inshorar lafiya ki tambayi nawa ne na shekara, ki sa shi cikin lissafi tun yanzu. Wannan ma wani dalili ne na a matsa a samu aikin zaunen.

Na Gidan Igwai: Ni dai har yanzu ina ganin a kai takarda NSITF ɗin, ko an ƙi ba a yi hasarar komi ba.

Maman Sadiya, Mabera: Zan fara da takardar neman kwamitin. Ƙanensa zai rubuta yau da dare, Litinin mu kai tare da wakilin ƙungiya. Baba Akawu, in na turo maka hotonta ta akwatin sirri za ka duba mana kafin mu buga?

Tsohon Akawu: Turo. Ki haɗo da takardar ɗaukarsa aiki in ga yadda aka rubuta sunan muƙaminsa, don shi za a sa a ciki.